Bidiyo ɗaya, sabar tana ta maimaita shi ba ƙarshe: ina gyaran yake?

Sadisu Gwale:
Assalamu alaikum. Ina neman shawara a kan sabar da ke karɓar bidiyon darussa daga malamai tana mayar da su 720p don ɗalibai su kalla a waya. Tsarin shi ne: malami ya ɗora fayil, shafin ya rubuta layi ɗaya a PostgreSQL, ya jefa lambar aikin a RabbitMQ, sai ma'aikata huɗu da aka rubuta da Python su riƙa ɗauka suna kiran ffmpeg. Injin koa 8 ne, memori giga 16. Gajerun bidiyo lafiya lau suke fita. Amma akwai wani na minti 50 da ya kwana ana juya shi, in an gama a sake farawa, kuma a shafin har yanzu "ana aiki" yake nunawa. Babu saƙon kuskure da ya je wa kowa. Abu biyu nake so: in daina maimaita aiki, kuma in aiki ya faɗi a sani.

Nafi'u:
Wa'alaikumus salam. Wannan sananne ne Yaya Sadisu. In kana amfani da pika kuma ka tsaya jiran ffmpeg a cikin aikin da ke karɓar saƙo, ba ka amsa gaisuwar da RabbitMQ ke yi wa mai haɗi da ita duk bayan ɗan lokaci, sai ta ɗauka ka mutu ta yanke ka. Sa `heartbeat=0` ka huta.

Injiniya Rabi:
Nafi'u, cutar da ka faɗa gaskiya ce tana faruwa, amma ba ita ce nan ba. Waccan gaisuwa a daƙiƙa 60 take idan ba a taɓa ta ba, don haka da ita ce, da bidiyon da ke cin minti goma ma ba zai kai ƙarshe ba. Malam Sadisu ya ce gajeru suna fita. Kuma kashe ta gaba ɗaya ba magani ba ne, don in ma'aikaci ya mutu da gaske RabbitMQ za ta daɗe ba ta gane ba.

Malam Sadisu, tambaya uku. Me `speed=` ke nunawa lokacin da huɗun duk suna aiki? Yaushe kake aika `ack`, wato amsar da ke gaya wa RabbitMQ an gama da saƙo, kafin juyawa ko bayanta? Sannan ka duba log na RabbitMQ, akwai `PRECONDITION_FAILED`?

Sadisu Gwale:
Gudun yana kai-komo wajen `1.5x`. Ina aika `ack` bayan ffmpeg ya gama, sannan in rubuta "an gama" a tebur. Na duba log ɗin, kalmar tana nan, tana maimaituwa kusan duk rabin awa.

Injiniya Rabi:
To an kama shi. RabbitMQ tana da `consumer_timeout`, minti 30 ne idan ba ka canza ba. Daga lokacin da ta miƙa wa ma'aikaci saƙo, in ya wuce haka bai ce ya gama ba, sai ta rufe masa hanya ta mayar da saƙon layi.

Yi lissafin da kanka. Bidiyon minti 50 a gudun 1.5 yana buƙatar minti 33 da daƙiƙa 20. A minti na 30 saƙon ya koma layi, wani ma'aikaci ya ɗauka ya fara daga farko. Na farkon bai san an ƙwace masa ba, ffmpeg ɗinsa yana ta aiki, bayan minti uku da ɗoriya ya gama, ya aika `ack` a hanyar da aka riga aka rufe, kuskure ya tashi, bai taɓa kaiwa layin da ke rubuta "an gama" ba. Na biyun ma haka zai same shi, da na uku. Duk bidiyon da ya haura minti 45 a wannan gudun zai shiga wannan kewaye, shi ya sa gajeru ba su nuna maka komai ba.

Akwai ɓarnar da ba ka gani ba tukuna. A cikin waɗannan mintuna ukun, ffmpeg biyu ne ke rubutu a fayil ɗaya, in sunan fitarwar ɗaya ne kuma ka sa `-y`. Kada ka yarda da fayil ɗin da ke wurin yanzu, goge shi.

Nafi'u:
To ai sai a ɗaga lokacin. A `rabbitmq.conf` a sa `consumer_timeout = 7200000`, awa biyu ke nan. Layi ɗaya.

Malam Habu:
Don a kwana lafiya yau, a yi hakan, ban hana ba. Amma ranar da aka ɗora taro na awa huɗu fa? A sake ɗagawa? Kuma kowane ƙari yana da farashinsa: in ffmpeg ya maƙale, ba ya gaba ba ya mutuwa, sai an jira awa biyu cur kafin a sake ba wani aikin. Lamba ɗaya ba za ta yi wa bidiyon minti biyu da na awa huɗu daidai ba.

Abin da ya fi shi ne a daina tambayar ma'aikaci "ka gama cikin lokaci kaza?", a koma tambayarsa "kana nan kana ci gaba?". Aro ake ba shi na ɗan gajeren wa'adi, yana sabuntawa muddin aiki na tafiya. Tun da Sadisu yana da PostgreSQL, tebur ɗin da kansa zai iya zama layin. Ga yadda ma'aikaci zai ɗauki aiki:

```sql
UPDATE jobs SET status='running', attempt=attempt+1,
  lease_until=now()+interval '2 minutes'
WHERE id=(SELECT id FROM jobs WHERE attempt<3 AND
    ((status='queued' AND run_after<=now())
     OR (status='running' AND lease_until<now()))
  ORDER BY run_after LIMIT 1 FOR UPDATE SKIP LOCKED)
RETURNING id, attempt;
```

`SKIP LOCKED` ya shigo tun siga ta 9.5 a 2016. Shi ke sa ma'aikata huɗu su zo a lokaci ɗaya ba su ɗauki abu ɗaya ba, kuma ba wanda ya tsaya jiran wani: wanda ya tarar an riƙe layi sai ya tsallake zuwa na gaba. Ka lura wannan umarni yana buɗewa ya rufe nan take. Kada ka bar ma'amalar, wato transaction, a buɗe tsawon juyawa, wa'adin da ka rubuta shi ne makullin.

Duk daƙiƙa 30 ma'aikaci ya ƙara wa'adin minti biyu, da sharaɗin `WHERE id=$1 AND attempt=$2 AND status='running'`. Wannan lambar `attempt` ita ce shaidar mallaka. In sabuntawa ta dawo da cewa ba layin da ya canza, an riga an ba wani aikin, sai ma'aikacin ya kashe ffmpeg ɗinsa ya tafi, ba ya rubuta komai. Haka ma rubuta "an gama" da wannan sharaɗin za a yi. Sunan fayil ɗin fitarwa shi ma ya ɗauki lambar, kamar `out/812/2.mp4`, ta yadda ko biyu sun haɗu na ɗan lokaci kowa a gonarsa yake noma, kuma shafin ba ya nuna wa ɗalibi sai wanda aka rubuta adireshinsa a tebur.

Lawwali Funtuwa:
Ni ban ga dalilin wannan wahala ba. Akwai manhajojin waya da ke rage nauyin bidiyo kafin a tura. A ce wa malaman kowa ya matse nasa ya ɗora, shi ke nan ba sai an juya ba.

Ummi Bashir:
Baba Lawwali, ba nauyi kaɗai ba ne. Wani zai ɗora HEVC daga iPhone, wani WebM daga burauza, wani fayil ɗin da bayanan farkonsa ke can ƙarshe, sai an sauke duka kafin ya fara wasa. Sabar tana mayar da su iri ɗaya ne don su buɗe a kowace waya. Matsewa kafin ɗorawa tana rage data, wannan kam haka ne, amma ba ta ɗauke wannan aikin.

Malam Habu, ga inda na tsaya. In zaren da ke sabunta wa'adi daban yake da ffmpeg, ai zai ci gaba da cewa "ina nan" ko da ffmpeg ya sandare. Ba mun koma gidan jiya ba?

Malam Habu:
Kin taɓo ainihin wurin, Ummi. Sabuntawar ba da agogo kaɗai za a ɗaure ta ba, da motsin aikin za a ɗaure. ffmpeg yana iya faɗin inda ya kai:

```
ffmpeg -nostdin -y -i in.mov -vf scale=-2:720 \
  -c:v libx264 -preset veryfast -crf 23 -pix_fmt yuv420p \
  -threads 2 -c:a aac -b:a 96k -movflags +faststart \
  -progress pipe:1 -nostats out.mp4
```

Da `-progress pipe:1` zai riƙa fito da layuka, cikinsu akwai `out_time_us`. Ma'aikaci ya riƙe lamba ta ƙarshe da lokacin da ta canza. In ta yi minti biyar ba ta motsa ba, ya aika `SIGTERM`, ya jira daƙiƙa goma, in bai fita ba ya aika `SIGKILL`, ya rubuta cewa aikin ya maƙale. Minti biyar na ce ba daƙiƙa talatin ba, saboda `+faststart` yana sake bin fayil ɗin a ƙarshe don ya dawo da `moov`, sashen bayanan da ake buƙata kafin bidiyo ya fara wasa, gaba, kuma a lokacin lambar a tsaye take alhali aiki ake. A babban fayil kan diski mai nauyin jiki wannan yana ɗan ɗaukar lokaci.

Ƙaramin tarko: akwai `out_time_ms` a wurin, sunan ya ce kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, amma lambar da ke ciki kashi ɗaya cikin miliyan ce, daidai da ta `out_time_us`. Wanda ya raba da 1000 zai ga aiki ya wuce kashi ɗari tun bai je ko'ina ba.

Injiniya Rabi:
In ƙara a kan maƙalewa, don mafi yawanta mu ke jawo ta ba ffmpeg ba. In ka buɗe shi da `stderr=PIPE` kuma ba ka karanta abin da yake zubawa, bututun yana cika, a Linux kilobayit 64 ne, daga nan ffmpeg ya tsaya cak yana jiran a kwashe. Fayil mai ɗan lahani da ke sa shi yawan gargaɗi yana cika wannan cikin minti kaɗan. Ko dai ka tura `stderr` zuwa fayil na wannan aikin, ko ka sa zare yana karantawa yana riƙe layuka 50 na ƙarshe. `-nostdin` kuma don kada ya tsaya sauraren madannai a inda babu mutum.

Amma ban bi Malam Habu duka ba a kan jefar da RabbitMQ. In gobe aka ƙara wasu ayyuka, hoton bango, fassarar ƙasan allo, aika saƙonni, rarraba su ta RabbitMQ ya fi tsabta. Za a iya barinta a matsayin mai buga ƙofa: saƙo ya zo, ma'aikaci ya ɗauki aro a tebur, ya aika `ack` nan take. Gaskiyar halin aiki tana tebur.

Malam Habu:
In gaskiyar tana tebur, Injiniya, kuma dole a riƙa leƙa tebur don aron da ya ƙare, to mai buga ƙofar me ya ƙara ban da abu na biyu da zai iya lalacewa? Ma'aikata huɗu suna tambaya duk daƙiƙa biyar ba abin da PostgreSQL za ta ji.

Injiniya Rabi:
A girmansa na yau, na yarda. A kan gobe ne muka saɓa, mu bar shi a nan.

Sadisu Gwale:
Na fahimci aron. Saura rabin tambayata: faɗuwa. Yanzu duk abin da bai dawo da sifili ba ina mayar da shi layi ne kawai.

Injiniya Rabi:
Nan ne aikin yake, don faɗuwa ba iri ɗaya ba ce, kuma abin da za ka yi ya dogara da wanda ke da laifi: fayil ɗin, ko injin.

Fara da tace fayil kafin ya ci maka koa ko ɗaya. Ka kira ffprobe a kansa, daƙiƙa ɗaya ko biyu ne. In ya ce `moov atom not found`, MP4 ɗin bai cika ba: ko ɗorawa ta yanke a hanya, ko wayar ta mutu ana cikin ɗauka, domin yawancin wayoyi sai an tsayar da ɗauka suke rubuta wannan sashen. Ko sau ɗari ka maimaita amsa ɗaya ce. Haka `Invalid data found when processing input` a wurin buɗe fayil, haka fayil ɗin da ba hoto a ciki sai sauti. Waɗannan ka rubuta `failed` a gwajin farko, ka gaya wa mai fayil. Kuma tun da malamanka da datar waya suke ɗorawa, kada aiki ya shiga layi sai girman abin da ya iso ya yi daidai da wanda burauza ta faɗa tun farko. Ɗorawa mai ci gaba daga inda ta tsaya, irin ta tus, tana rage wannan sosai.

Kashi na biyu laifin injin ne. In ffmpeg ya mutu da lamba 137, wato 128 da 9, kashe shi aka yi da `SIGKILL`. A Python `-9` za ka gani a `returncode`. In ba kai ka kashe ba, yawanci memori ne ya ƙare Linux ta zaɓe shi, kuma `dmesg` zai nuna maka `Out of memory: Killed process`. Wannan ya cancanci a sake gwadawa, amma ba nan take ba: sa `run_after` bayan minti ɗaya a karon farko, minti goma a na biyu, a na uku ka haƙura ka kira mutum.

`No space left on device` kuwa daban nake ɗaukarsa. In diski ya cika, duk aikin da aka ɗauka zai faɗi cikin daƙiƙu, kuma kafin ka farka layin gaba ɗaya ya cinye gwajinsa uku ya zama `failed` ba da laifinsa ba. Don haka ma'aikaci ya duba sarari kafin ya ɗauki aiki, in ya gaza iyakar da ka sa ya ƙi ɗauka ya yi ƙara. In ya riga ya ɗauka, ya mayar da aikin layi ya ɗaga iyakar gwajinsa da ɗaya, kada ya rage `attempt`, don lambar ba ta komawa baya in ana so ta ci gaba da zama shaida. Wannan yana nufin ukun da ke cikin umarnin Malam Habu ya zama shafi a tebur, `max_attempts`.

Ummi Bashir:
Akwai rami a umarnin nan ma. Aikin da ma'aikacinsa ya mutu a gwaji na uku, misali wuta ta ɗauke, zai zauna `running` har abada, don sharaɗin ya hana a sake ɗaukarsa kuma ba wanda ya rage da zai rubuta `failed`.

Malam Habu:
Haka ne, kin gyara ni. Ana buƙatar mai shara: ƙaramin aiki duk minti ɗaya da ke neman `running` wanda wa'adinsa ya wuce kuma gwajinsa ya ƙare, ya mayar da shi `failed` da dalilin cewa ma'aikaci ya ɓace. Shi ne kuma zai goge guntayen fayilolin gwajin da ba su yi nasara ba, in ba haka ba su ne za su cika diskin da Injiniya ke magana.

Nafi'u:
In lambar fita sifili ce dai an gama lafiya ko? Wannan ɓangaren aƙalla ba rigima.

Injiniya Rabi:
Da sauran rigima. ffmpeg yana da haƙuri: in ya ci karo da ɓarna a tsakiyar fayil yakan yi gargaɗi ya wuce, kuma fayil ɗin da `moov` ɗinsa ke gaba amma jelarsa ta yanke zai iya juyuwa har inda bayanai suka ƙare ya fita da sifili. Sai ɗalibi ya sami darasin minti 50 ya tsaya a minti 31. Bayan kowace juyawa ka auna tsawon duka biyun:

```
ffprobe -v error -show_entries format=duration -of csv=p=0 out.mp4
```

In bambancin ya wuce daƙiƙa biyu, kada ka ce an gama. Sai dai WebM da aka ɗauka kai tsaye a burauza sau da yawa ba ya ɗauke da tsawo, `N/A` za ka samu, kada wannan ya karya maka lissafi. Akwai kuma `-xerror` da ke sa ya tsaya a kuskuren farko. Ni ba na sa shi, don yana ƙin fayilolin da lahaninsu hoto ɗaya ne da ba wanda zai lura.

Shi kuwa rahoton, mutum biyu ne ke jiransa kuma ba abu ɗaya suke buƙata ba. Malami yana son jimla ɗaya da zai yi aiki da ita: "Fayil ɗin bai iso cikakke ba, a sake ɗorawa", ko "Matsalar daga wurinmu ce, ba sai kun sake ɗorawa ba". Kai kuma kana son lambar fita, cikakken umarnin da aka kira, sigar ffmpeg, sunan injin, lambar gwaji, da layuka 50 na ƙarshe na `stderr`. Ka ajiye su layi ɗaya ga kowane gwaji a tebur daban, don dalilin faɗuwar farko sau da yawa ya bambanta da na ƙarshe, kuma na farkon ne ke faɗa maka gaskiya.

Kada ma'aikaci ya aika imel da kansa bayan ya rubuta `failed`. In ya mutu tsakanin biyun, aiki ya faɗi ba wanda ya ji. A cikin ma'amala ɗaya da ke canza halin aikin ka rubuta layi a tebur ɗin sanarwa, wani ƙaramin aiki ya riƙa kwashewa yana aikawa. In ya aika sau biyu wani lokaci, ya fi a rasa.

Malam Habu:
Kuma ƙararrawa ɗaya da kada a rasa: tsawon zaman aiki mafi daɗewa a layi. In ma'aikatan duk sun mutu, ba aikin da zai faɗi, adadin `failed` sifili ne, komai ya yi kyau a ido. Abin da ke tona asiri shi ne aikin da ya yi awa biyu yana `queued`. Mai duba wannan kuma kada ya zauna a kan injin da yake dubawa.

Sadisu Gwale:
Batun adadin ma'aikata fa? Ban sa `-threads` ba. In rage su biyu gudun zai ƙaru?

Nafi'u:
Ka'ida ita ce ma'aikaci ɗaya ga kowane koa. Sa takwas.

Malam Habu:
Wannan ka'idar ta shirye-shiryen da ke amfani da koa ɗaya ce. libx264 in ba ka hana shi ba yana buɗe zare ninki ɗaya da rabi na koa, wato 12 a injinka, huɗu kuma sun zama 48 suna turereniya a kan koa takwas, kowane yana riƙe hotuna a memori. Takwas a haka, ranar da 4K biyu ko uku suka haɗu za ka ga 137.

Ba zan ba ka lamba daga kaina ba, aunawa ake yi. Ɗauki fayiloli takwas na gaske daga cikin naka, ka juya su duka da ma'aikata biyu masu `-threads 4`, sannan huɗu masu 2, sannan takwas masu 1, ka rubuta lokacin da na ƙarshe ya gama da memori mafi yawa da aka ci. Yawanci ma'aikata da yawa masu zare kaɗan sun fi fitar da jimillar aiki, amma kowane bidiyo ya fi daɗewa kafin ya fito. Ka tuna `-threads` da ke bayan `-i` mai matsewa yake iyakancewa, mai kwance fayil ɗin shiga da mai rage girma suna da nasu, don haka ka bar wa PostgreSQL da shafin sarari.

Ummi Bashir:
Sauran abu ɗaya da ba a taɓo ba. `ORDER BY run_after` wanda ya riga zuwa shi ake fara yi wa. In malami ɗaya ya zuba darussa arba'in na awa ɗaya ɗaya da dare, awa 40 na bidiyo ke nan. Ma'aikata huɗu a gudun 1.5 suna cin awa shida a kowace awa, sai bayan awa shida da minti 40 layin zai buɗe. Wanda ya ɗora sanarwar minti biyu a bayansa duk wannan zai jira.

Injiniya Rabi:
Tun da ffprobe ya ba ka tsawo kafin a shiga layi, ware ma'aikaci ɗaya cikin huɗun da ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti goma. Sharaɗi ɗaya ne a umarnin.

Malam Habu:
Sai ya zauna ba aiki yawancin dare alhali dogaye suna jira, kashi ɗaya cikin huɗu na injin ke nan. Ni zan fi son a hana mutum ɗaya riƙe fiye da ma'aikata biyu in akwai wani a layi. Amma ƙirga ayyukan kowane mutum a cikin umarnin ɗauka yana da nasa tarkon: biyu za su iya ƙirgawa a lokaci ɗaya kowa ya ga ɗaya, su zama uku.

Ummi Bashir:
In uku ne na ɗan lokaci ba wanda zai cutu, Malam. Amma mai minti biyun har yanzu sai ya jira wani cikin huɗun ya sauke abin da ke hannunsa, kuma wannan zai iya kai minti 40.

Sadisu Gwale:
Na ɗaga `consumer_timeout` don na minti 50 ɗin ya fita, na goge tsohon fayil ɗinsa, na mayar da `stderr` zuwa fayil. Teburin aro da mai shara su ne na gaba. Zan ciro tsawon duk bidiyon da aka ɗora a watan nan in kawo muku, mu ga ko gajerun sun kai yawan da za a ware musu ma'aikaci.